Yadda kira ke tsallakawa daga turken sabis zuwa na gaba a hanyar Bauchi zuwa Gombe: tambayoyi da amsoshi

Tambayoyin nan su ne masu yawan bin hanya suka fi yi game da kiran waya a cikin mota. Mun ɗauki hanyar Bauchi zuwa Gombe, mai tsawon kilomita 150 da 'yan kai, don kowa ya ga abin a inda ya sani. Abin da muka kira turke shi ne wanda wasu ke ce wa ƙarfen sabis. Lambobin da muka sa a misalan lissafi na misali ne, domin kowane kamfani da yadda yake saita nasa. Waɗanda ƙa'idar fasahar ta tsayar kuwa mun faɗe su yadda suke.

Na fara waya tun ina cikin Bauchi, har muka wuce Dindima kiran bai yanke ba. Turke ɗaya ne ya riƙe ni?

A'a. An yi ta miƙa ka hannu zuwa hannu ne ba ka sani ba. Ma'aikatan sadarwa suna kiran wannan aiki handoba, wato miƙa kira.

Turke ɗaya ma yawanci fuska uku gare shi. Dogayen fararen allunan nan da ke can sama su ne eriya, kuma an kasa su gida uku, kowace fuska tana kallon sulusin kewaye. A wurin waya, kowace fuska tasha ce mai cin gashin kanta. Don haka idan mota ta doshi turke ta wuce shi, an miƙa kiran sau biyu ke nan: daga turken baya zuwa fuskar da ke kallon ka, sannan daga ita zuwa fuskar da ke kallon gaba bayan ka gota shi. Da za mu ɗauka akwai turke a kowane kilomita 10, mai kiran da bai ajiye ba daga Bauchi har Gombe zai ratsa turaku 15, a miƙa shi kusan sau 30. A cikin gari, inda turaku suke kusa da juna, abin ya fi haka yawa.

A 2G akwai iyakar da ba a ƙetarewa a tsari na yau da kullum: kilomita 35. Dalili shi ne turke yana gaya wa waya ta riƙa gaggauta aika maganarta gwargwadon nisanta, don ta iso a daidai gurbin lokacinta. Wannan umarni mataki 0 zuwa 63 ne, kowane mataki kusan mita 550. In aka wuce nan, ko da sauran ƙarfin sabis, lissafin ya ƙare. A zahiri duwatsu, itatuwa da tudu da gangare suna kashe sabis tun kafin a je ko kusa da can.

Wa ke yanke shawarar a sauya, wayata ko turken?

Idan kana cikin kira, waya aunawa kawai take yi ta kai rahoto. Shawara ta cibiyar kamfanin layinka ce.

A 2G ana raba kowane zango na iska gida takwas na lokaci, mutum takwas suna karɓa-karɓa da saurin da kunne ba ya kamawa. Wayarka tana magana a gurbi ɗaya, tana saurare a gurbi ɗaya, sauran lokacin kuwa ba ta zama haka nan: tana leƙa maƙwabtan turaku tana auna ƙarfinsu. Ba kowane turke take leƙawa ba. Turken da ke riƙe da ita yana ba ta jerin maƙwabtansa, su kaɗai take nema. Ka riƙe wannan magana ta jerin maƙwabta, za mu dawo kanta.

Duk bayan milisakan 480, wato ƙasa da rabin daƙiƙa kaɗan, waya tana aika rahoto: ga ƙarfin turken da nake kai, ga tsabtar maganar da ke iso mini, ga kuma maƙwabta shida mafi ƙarfi da nake ji. Shi ma turken yana auna yadda yake jin wayar, ya haɗa da nasa. Rahoton yana zuwa wurin na'urar da ke kula da turaku masu yawa, wadda ake kira BSC, kuma sau da yawa tana can a wani babban gari, nesa da inda motarka take. Ita ce ke duba lambobin ta ce lokaci ya yi. A 4G babu wannan mai kulawa a tsakani: turken da ke riƙe da kai shi ke yanke shawara, ya yi magana da maƙwabcinsa kai tsaye.

Mene ne ainihin abin da ke faruwa a daidai lokacin miƙawar?

Mu bi shi a 2G, domin a ƙauyukan kan hanya kiran murya yakan ƙare a kansa.

Da farko mai kula da turaku yana tuntuɓar sabon turke ya ce a ware gurbi ɗaya. Idan akwai, sabon turken ya kunna shi ya zauna jira. Har yanzu wayarka ba ta san komai ba, kana ta hirarka.

Sai a aiko wa waya umarnin ƙaura, mai ɗauke da zangon da za ta koma da gurbin lokacin da aka ware mata. Umarnin nan ta tsohon turke yake biyowa, a kan hanyar da muryar abokin maganarka ke bi, har ma ana satar ɗan guntun lokacin maganar a cusa shi. Wannan shi ne ƙashin bayan al'amarin gaba ɗaya: dole tsohuwar hanya ta kasance da sauran rai kafin a iya gaya wa waya ta bar ta.

Da jin umarni sai waya ta saki tsohon turke, ta juya zuwa sabon zango, ta fara aika wasu gajerun saƙonni kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa. Da su ne sabon turke ke auna nisanta, ya gaya mata matakin gaggautawar da ya dace. Idan ta ji amsa, sai su ƙulla, ta aika cewa ta iso, a karkatar da muryar zuwa sabon wuri, a saki tsohon gurbi ga wani mai kira.

Idan ta ƙwanƙwasa ba ta ji amsa ba cikin milisakan 320, ba ta tsayawa. Tana komawa tsohon gurbinta, wanda aka bar mata a buɗe saboda irin wannan, ta ce abin bai yiwu ba, a sake gwadawa. Shi ya sa ba kowace miƙawar da ta gaza ke kashe kira ba. Wadda ke kashewa ita ce wadda waya ta waiwaya ta tarar tsohon turken ma ya ɓace.

Tsakanin saki da kamawa akwai ɗan giɓi da bai kai rabin daƙiƙa ba. Mai kunne yakan ji kamar an haɗiye gaɓa ɗaya ta kalma, ko wani ɗan ƙas.

Me ya hana a sauya da zarar turken gaba ya fi na baya ƙarfi?

Saboda ƙarfin sabis ba ya tsayawa wuri ɗaya. Tirela ta gifta tsakaninka da turke, ya faɗi. Kun fito daga bayan kuka ko gini, ya tashi. A tsakiyar turaku biyu, wannan ya fi yanzu, wancan ya fi an jima. Da za a bi kowane motsi, da an yi ta jifa da kiran gaba da baya kamar ƙwallo, kuma kowace miƙawa dama ce ta yankewa.

Don haka ake sa birki biyu. Na farko, ba a aiki da rahoto ɗaya, sai an tara da dama an ɗauki matsakaicinsu. Na biyu, ba ya isa sabon turke ya yi daidai da tsohon, sai ya zarce shi da wata rata da aka tsayar, yawanci desibel kaɗan. Desibel 3 na nufin ninki biyu na ƙarfi, 6 ninki huɗu, 10 ninki goma. A 4G ma haka ne, sai dai waya ce ke jira: sai maƙwabcin ya zarce da ratar, kuma ya ci gaba da zarcewa na wani ƙayyadadden lokaci, kamar milisakan 320 ko 640, kafin ta kai rahoto.

Birkin nan yana da farashi. Duk abin da ya hana gaggawa ya kawo jinkiri, mota kuwa ba ta jira. Aikin injiniyan da ke saita hanya shi ne nemo tsakiya, kuma saitin da ya dace da masu tafiya a ƙafa a Kasuwar Wunti ba shi ne ya dace da motar da ke gudu a bayan Alkaleri ba.

Akwai wani wuri guda da kirana ke yankewa kullum in ina motar haya, amma wani ɗan'uwana mai tuƙa babbar mota ya ce shi ba ya yanke masa. Yaya haka?

Wannan tambaya ita ce ta fi nuna yadda abin yake, bari mu yi lissafinta a hankali.

Ana auna ƙarfin sabis da dBm, kuma lambar tana ƙasa da sifili: -70 ƙarfi ne sosai, -90 ana magana lafiya, daga -105 zuwa ƙasa an shiga wahala a 2G. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa, wato mita 13 tsakanin rahoto da rahoto.

Mu ɗauka an saita a tara rahoto 8, ratar kuma desibel 4. Rahoto 8 daƙiƙa 3.84 ke nan, motar ta ci mita 107. Ƙara kusan daƙiƙa guda ta neman gurbi da aika umarni da ƙullawa. Jimilla dai ana bukatar kusan daƙiƙa 5, ko mita 140, inda turaku biyun duka suke jin wayar.

A shimfiɗaɗɗen fili wannan ba komai ba ne. Turken baya yana raguwa sannu a hankali, -88, -90, -92, na gaba yana hawa, -96, -94, -92. Sun yi kunnen doki, ba a taɓa komai ba. Can gaba na baya ya koma -95, na gaba ya kai -90. Rata ta zama 5, ta wuce 4, sai a miƙa. A lokacin turken baya yana da sauran ƙarfin da zai iya riƙe kiran har wani kilomita ko fiye. Umarni ya isa lafiya lau.

Yanzu sauya wurin. Hanya ta yi kwana ta shige bayan dutse, ko ta gangara kwari zuwa gada, irin gangaren da ake yi in za a ƙetare kogi. Turken baya yana -88, sai dutsen ya shiga tsakani, cikin mita 60 ya faɗo -108. A gudun 100, mita 60 daƙiƙa biyu ne da ɗan kai, rahoto huɗu kacal. Matsakaicin da cibiya ke kallo har yanzu rabinsa tsofaffin lambobi ne masu kyau, don haka a idonta babu gaggawa. Kafin ta farga ta aiko umarni, waya ta daina jin tsohon turke. Ga sabon turke nan da ƙarfinsa, ga gurbi an ware, amma babu ta inda za a gaya wa wayar ta je.

Babbar motar ɗan'uwanka kuwa, in da kaya, wataƙila kilomita 40 take yi a wannan kwanar, mita 11 a daƙiƙa. Mita 60 ɗin nan sai ta ɗauke shi fiye da daƙiƙa 5, daidai lokacin da ake bukata. Ga shi kuma yana zaune can sama, gilashi ya kewaye shi, kai kuwa kana tsakiyar kujerar baya, ƙarfen mota da jikin mutane sun rage abin da ke iso maka. Wuri ɗaya, turaku ɗaya, sakamako daban.

Akwai maganin irin wannan wuri a hannun kamfani: a rage ratar tsakanin waɗannan turaku biyu kaɗai, a taƙaita tara rahoto, a kunna miƙawar gaggawa wadda ke tashi in ƙarfi ya faɗi farat ɗaya, ko a ɗan juya eriya. Inda kuwa sabis ɗin turaku biyun bai haɗu ba sam, babu saitin da zai yi aiki, sai an kafa sabon turke.

Me ya sa kafin ya yanke sai in ji shiru na wasu daƙiƙu, agogon kiran kuma yana ci gaba da tafiya?

Waya ba ta yanke ƙauna nan take. Tana da wani ma'auni da ke farawa daga lambar da kamfani ya zaɓa, tsakanin 4 da 64. Duk saƙon kulawa na milisakan 480 da ta kasa karantawa, a rage ɗaya. Duk wanda ta karanta, a ƙara biyu, ba tare da an wuce lambar farko ba. Sai ya kai sifili take sakin kiran. In an sa 16, shirun zai kai kusan daƙiƙa 8. In 32 ne, ya haura 15.

Amfaninsa shi ne in motar ta fito daga bayan dutsen kafin lokacin ya cika, maganar ta dawo kamar ba a yi komai ba. Saboda haka in ka ji shiru a wurin da ka san gajere ne, kada ka yi saurin kashewa.

Sandunan sabis a cike suke, amma kiran ya yanke. Wannan fa?

Sanduna ƙarfin abin da waya ke ji kawai suke nunawa, kuma da zarar kira ya mutu waya takan kama turke mafi kusa, sai ka duba ka gan su a cike. Abin da ya kashe kiran ya riga ya wuce. Dalilan da aka fi samu su ne waɗannan.

Mafi ban haushi shi ne rashin suna a jerin maƙwabta. An kafa sabon turke, ko an sauya wa wani zango, ba a sabunta jerin na kusa da shi ba. Waya za ta bi ta gindin turken, ba ta auna shi ba balle ta kai rahotonsa, tana maƙale da na baya har ya ƙare. Alamarsa ita ce kiran yana yankewa a wuri guda ko da gudu ko a hankali, kuma kana sake kira ya shiga tangaram. Wani lokaci ma ta gefe ɗaya ne: in za ka Gombe ya yanke, in kana dawowa bai yanke ba, domin turke na farko bai san na biyu ba amma na biyu ya san na farko. A 4G turaku suna iya koyon maƙwabtansu da kansu daga rahoton wayoyi, shi ya sa matsalar ta fi yawa a tsofaffin tsare-tsare.

Akwai kuma turken nesa. A kan tudu waya takan ji wani turke mai nisan gaske da ke kan wani tudun, ta kama shi. Ka fara kira a nan, motar ta gangara, turken ya ɓace, kuma jerin maƙwabtansa na can yankinsa ne, babu ko ɗaya daga turakun da ke kewaye da kai. Maganinsa a sunkuyar da eriyar wancan turke ƙasa kaɗan don ya daina wuce gonarsa.

Sai cikowa. Fuska mai na'urar aikawa biyu a 2G tana da gurbi 16, a cire kamar biyu na saƙonnin kulawa, saura 14. Ranar kasuwa a garin kan hanya, ko ranar Sallah, gurbin nan ba ya wuyar ƙarewa. Yawanci ana fifita kiran da ake miƙowa a kan sabon kira, kuma ana iya raba gurbi ɗaya ga mutum biyu, abin da ke sa murya ta ɗan dusashe. In duk da haka babu wuri, sai a bar ka a tsohon turke ana ta gwadawa har ka fita daga hannunsa. Wannan yana da lokaci: ya yanke da yamma ranar kasuwa, bai yanke da asuba ba.

Na ƙarshe, turken gaban ma yana iya zama a kashe. Man janareta ya ƙare, batura sun mutu, an tsinke wayar ƙarƙashin ƙasa wurin aikin hanya, ko ruwan sama mai ƙarfi ya raunana saƙon da ke tsakanin farantan nan masu kama da ganga da ke haɗa turke da turke. A karkara turaku kan jeru ne kamar sarƙa, ɗaya yana karɓa daga ɗaya, don haka faɗuwar guda tana iya tafiya da na bayansa.

Ina kan 4G, da na danna kira sai in ga ya koma H ko E. Lalacewa ce?

Ba lalacewa ba ce. An gina 4G don data ne kawai, babu tsohuwar hanyar murya a cikinsa. Idan wayarka ko layinka ba sa amfani da VoLTE, wato tsarin kiran murya ta kan 4G, da ka danna kira sai cibiya ta sauko da kai 3G, wato H, ko 2G, wato E, a yi kiran a can, in an gama ka koma sama. Wannan saukowa ce ke sa kiran ya ɗan jima kafin ya fara ringin.

A 3G miƙawar ta bambanta. Turaku maƙwabta suna aiki a zango ɗaya, don haka waya tana iya riƙe biyu ko uku a lokaci guda, a ƙara sabo kafin a saki tsoho. Babu giɓi. Amma 3G yana da nasa hali: in masu amfani suka yi yawa, faɗin da turke ke rufewa yana tsukewa, sai wurin da sabis ke haɗuwa da safe ya zama rami da daddare. Kuma in 3G ya ƙare gaba ɗaya a bayan gari, dole a saukar da kiran zuwa 2G, wanda miƙawa ce mai saki kafin kamawa kamar wadda muka bayyana.

Mai VoLTE yana zama a 4G yana kira, miƙawarsa kuma gajeriya ce ƙwarai, ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ba in komai lafiya. Wurin haɗarinsa shi ne bakin iyakar 4G, inda za a ɗauke kiran daga hanyar data a mayar da shi tsohuwar hanyar murya yana tsaka da tafiya. In ba a shirya wannan ba a yankin, kiran zai mutu a inda 4G ya ƙare.

Kiran WhatsApp kuwa data ne. Shi ya sa maimakon ya yanke kai tsaye yakan tsaya yana neman sake haɗawa, amma in aka faɗo E da wuya ya ɗauki murya yadda ya kamata.

Ga turke ina gani a bakin hanya. Me ya sa ba a miƙa ni gare shi ba?

Wataƙila babu kayan kamfaninka a kansa. Ƙarfe ɗaya yakan ɗauki eriyar kamfanoni biyu ko uku, wani kuma na guda ne tak. A al'ada ana miƙa kira ne a cikin cibiyar kamfani ɗaya. Wayar mai layi biyu ma ba ta ɗauke kira daga wannan layi ta ɗora a wancan; in ya mutu sai dai ka sake kira da ɗayan.

Ana ƙara cajin kuɗi in an miƙa kira, ko in mun tsallaka daga jihar Bauchi zuwa Gombe?

Ko kobo. Cibiyar da kiran ya fara a hannunta ita ke ci gaba da riƙe shi da lissafinsa har ƙarshe, ko da an miƙa ka ga turakun wata cibiyar. Iyakar jiha kuwa sabis bai san da ita ba.

Ban kashe waya ba, amma aka ce an neme ni a hanya ba a samu ba.

In ba ka cikin kira, babu miƙawa. Waya ce da kanta ke zaɓar turken da za ta saurara, ta yi ta sauyawa shiru ba tare da ta gaya wa kowa ba. An kasa turaku yanki-yanki, kuma cibiya yankin da kake kawai ta sani. In an kira ka, sai a yi shela a duk turakun yankin. Sai waya ta shiga sabon yanki take sanar da cibiya, abin da ke ɗaukar 'yan daƙiƙu. Kiran da ya faɗo a daidai wannan tsakani ana shelarsa ne a yankin da ka baro. Haka nan in kun fito daga wurin da babu sabis sam, waya takan ɗan jima tana lalube kafin ta kama. Kunna yanayin jirgi ka kashe yana sa ta fara nema daga farko nan take.

Zan iya ganin miƙawar da idona?

Za ka iya, in kai fasinja ne. Direba dai hannunsa na sitiyari.

A yawancin wayoyin Android, shiga Settings, sai About phone, sai SIM status, za ka ga Signal strength da lambar dBm. Wasu kuma suna buɗe shafin gwaji in an danna wannan a wurin buga lamba:

```
*#*#4636#*#*
```

A Samsung:

```
*#0011#
```

A iPhone, a buga wannan sannan a danna kira:

```
*3001#12345#*
```

Ba kowace waya ke amsa waɗannan ba, kuma in shafin ya buɗe, kallo kawai za ka yi, kada ka sauya saiti. Abin nema biyu ne: lambar shaidar tashar da kake kai, wadda ake rubutawa CID, ko PCI a 4G, da kuma ƙarfin. Za ka ga ƙarfin yana zamewa ƙasa sannu a hankali, sai lambar shaidar ta sauya, ƙarfin ya yi tsalle sama. An sauya turke ko fuska ke nan. A lura cewa ma'aunin 4G, wanda ake rubutawa RSRP, yakan nuna lamba ƙasa da ta 2G a wuri ɗaya: -100 a 4G ana aiki da shi lafiya, sai wajen -115 zuwa -120 ake shiga matsi.

To me fasinja zai iya yi, kuma yaya ake kai ƙorafin da za a yi aiki da shi?

Abin da ke hannunka kaɗan ne, amma yana tasiri a wuraren da abin ke kan gaɓa. Zauna kusa da taga, ko ka sa abin kunne ka riƙe wayar a jikin gilashi maimakon cikin aljihu ko ƙasan jaka. In wayarka a kulle take a 4G kaɗai ko 3G kaɗai, mayar da ita ta zaɓa da kanta, domin kullewar tana hana a saukar da kiran inda ya kamata. Magana mai muhimmanci, irin ta ciniki ko ta asibiti, a fara ta bayan an wuce kwanar da aka san tana yankewa.

Ƙorafin "sabis ba kyau a hanyar Gombe" ba ya kai injiniya ko'ina. Wanda ke aiki shi ne mai ɗauke da wuri daidai, kamar kilomita nawa bayan Bara ko kafin a kai Lawanti. Ta wane gefe kake tafiya. Rana da lokaci. Abin da allon ya nuna, E ko H ko 4G. Da kuma ko sake kira yana shiga nan take. Daga waɗannan kaɗai ana iya rarrabewa: in gefe ɗaya ne kuma sake kira na shiga, a duba jerin maƙwabta, in sai da gudu, a duba rata da tara rahoto, in sai ranar kasuwa, a ƙara gurbi, in ko sake kira ba ya shiga na tsawon kilomitoci, rami ne. A fara kai wa kamfanin layin, a karɓi lambar ƙorafi a ajiye. In an yi shiru, hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, tana karɓar ƙorafin masu waya a lamba 622 kyauta, kuma za su nemi wannan lambar ƙorafin ta farko.